Dogon hannun da ya ƙi komawa kan sha biyu

Mutane da yawa kan sayi agogo mai maɓallai biyu a gefe, su ga dogon hannun daƙiƙa a tsaye cik, sai su ɗauka an sayar musu da matacce. Lafiyarsa ƙalau. Irin wannan agogo kuronogiraf ake ce masa, dogon hannun kuwa na awon lokaci ne, ba ya motsi sai an tashe shi. Daƙiƙar yau da kullum tana cikin wata 'yar da'ira a fuskar agogon.

A ce kana son sanin lokacin da famfo zai ɗauka kafin ya cika jarka. Ruwa na fara zuba sai ka danna maɓallin sama, wanda ke daidai ƙarfe biyu. Jarka na cika ka sake danna shi, hannun ya tsaya. In hannun 'yar da'irar mintoci na kan 2, dogon kuma na kan 15, minti biyu ke nan da daƙiƙa goma sha biyar. Sai ka gama karantawa za ka danna na ƙasa, na daidai ƙarfe huɗu, komai ya koma sifiri.

To, wata rana sai ka danna na ƙasan, hannun ya dawo ya tsaya a daƙiƙa uku maimakon kan sha biyu. A agogo mai batir wannan ba lalacewa ba ce. Injinsa ba ya ganin inda hannun yake, taku kawai yake ƙirgawa. In an sauya batir ko agogon ya sha ƙasa, sai lissafin ya goce, kullum ya riƙa dawowa wurin da ya ɗauka nan ne sifiri.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ka jawo ɗan kan da ake murzawa a saita lokaci har ƙarshe. A yawancin agogo masu injin Miyota, kowace dannawar maɓallin sama taku ɗaya take matsar da hannun, in ka riƙe kuma ya zura da gudu. Gaba kawai yake tafiya, don haka daga daƙiƙa uku sai ya kewayo. Ka saki tun wajen hamsin da biyar, ka ƙarasa ɗaya bayan ɗaya. Wasu injinan Ronda sai an fara danne maɓallan biyu tare. Kafin ka mayar da kan ciki ka gyara lokaci, domin agogon ya tsaya yayin da kake aikin.

Agogon da ake wanawa daban yake. A cikinsa wani ɗan ƙarfe ne ke bugun faifai mai siffar zuciya ya mayar da hannun, saboda haka in ya goce, galibi hannun ne ya zame a kan sandarsa. In yau ya tsaya nan gobe can, ya yi sako-sako ko datti ya shiga. Dannawa ba ta maganin wannan, kai shi wurin mai gyaran agogo ya cire hannun ya sake dasa shi.