Kilo 11 da Kilo 553: Abin da Mai Bincike Zai Ɗauka Zuwa Zauren Taro

Minti goma sha biyar ake yawan ba mai gabatar da maƙala a taron ƙara wa juna sani. Mutumin da ke magana a natse, yadda na bayan zaure zai ji, ba zai furta kalmomi dubu biyu a wannan lokaci ba, alhali rubutacciyar maƙala takan kai dubu bakwai ko takwas. Idan kuma da tafinta mai juyawa daga Faransanci zuwa Hausa jimla bayan jimla, kamar yadda ake yi a tarukan da manoma da hakimai ke halarta a Tawa, rabin lokacin ya tafi. Lissafin a fili yake, amma ɗalibi ko malami yakan hau mumbari da niyyar faɗin komai. Yakan fara da tarihin matsala, ya bi da sunayen waɗanda suka riga shi rubutu, ya shiga hanyoyin bincike, kafin ya kai ga abin da ya gano shugaban zama ya ɗaga masa takardar saura minti biyu. Ra'ayina shi ne jawabin taro wani aiki ne dabam da maƙala, kuma ginshiƙinsa sakamako guda ɗaya ne, wanda aka zaɓa saboda shi ne zai sauya abin da mai sauraro yake tunani ko yake shirin aikatawa. Wani bincike da aka yi a nan ƙasar Adar ya isa ya nuna yadda ake wannan zaɓe.

A shekarar 1989 wasu manoman yankin Illela suka kai ziyara Yatenga ta Burkina Faso a ƙarƙashin shirin asusun FIDA, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka da Mosawa ke kira zai. Da suka dawo suka inganta tasu tassa: a haƙa rami a kan fako tun da rani, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki, a jira damina. A shekarar 2000 Abdou Hassane da Pierre Martin da Chris Reij suka fitar da rahoto kan wannan aiki. Cikinsa akwai jadawalin amfanin gona na shekara shida, daga 1991 zuwa 1996, tare da ruwan saman da aka auna a Badagishiri. An kwatanta gona iri uku: wadda ba a yi mata komai ba, mai tassa da takin gargajiya, da mai tassa da takin gargajiya haɗe da na zamani. Akwai makamancin wannan jadawali na ramukan rabin wata, akwai bayanin faɗin ƙasar da aka farfaɗo, akwai batun cinikin fako da ya kunno kai. Duk wannan ya dace da rahoto, domin mai karatu yana iya tsayawa, ya koma baya, ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce kunnensa ya wuce.

To, a ce wani ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa zai gabatar da wannan aiki gaban malaman gona da magadan gari daga Keita da Tabalak da Kalfu. Wane adadi zai ɗauka? Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne kilo 1,486 a hekta, abin da gona mai tassa da taki iri biyu ta bayar a 1994. Adadi ne na gaskiya, amma shekarar ta samu ruwa milimita 613, kuma sai da aka sayi takin zamani. Wanda ya buɗe jawabi da shi ya yi wa zaure alkawarin da yawancin damunan Adar ba za su cika ba. Na biyu shi ne matsakaici: kilo 513 a gona mai tassa da takin gargajiya, kilo 125 a gonar da ba a taɓa ba. Wannan ya fi aminci, shi ne kuma akasarin masu bincike za su zaɓa, domin ya haɗa dukkan shekarun. Sai dai matsakaici yana ɓoye ainihin abin da ke hana magidanci barci. Babu wanda ke ciyar da iyali da matsakaicin shekara shida. Shekarar da rumbu ya tashi wayam ita ce ke sa a sayar da akuya, samari su kama hanyar Abijan ko Libiya tun kafin kaka.

Saboda haka layin da ya cancanci zama ƙashin bayan jawabin shi ne na 1996. A wannan shekara gonar da ba a yi mata komai ba ta bayar da kilo 11 a hekta, wato tiya huɗu da ɗan ɗori. Mai tassa da takin gargajiya ta bayar da kilo 553, buhu biyar da rabi na kilo ɗari. Abin lura kuma, ruwan 1996 a Badagishiri ya kai milimita 439, ya fi na 1993 da ya tsaya a 369, amma a 1993 gonar da ba a taɓa ba ta samu kilo 144. Ke nan yawan ruwan da ma'auni ya nuna a ƙarshen damina ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Daga nan jimlar da ɗalibin zai gina komai a kanta ta fito: a shekarun da aka auna, gona mai tassa da taki ba ta taɓa sauka ƙasa da kilo 297 ba, ita kuwa ɗayar ta taɓa sauka har 11. Duk wanda ya fita shan shayi bayan zaman zai iya maimaita wannan ga wanda bai shiga ba, kuma wannan shi ne gwajin da ya kamata mai shirya jawabi ya yi wa kansa tun a gida. Ya faɗa wa wani abokinsa jimlar, ya bar shi awa guda, ya tambaye shi. In ta dawo a karkace, ba a gama zaɓe ba.

Da zarar jimlar ta tsaya, sauran aikin yana bin ta. Jadawalin nan mai lambobi sama da ashirin ba zai hau majigi yadda yake ba, domin mutane za su bar sauraro su shiga karatu, na bayan zaure kuma ba ya ma ganin lambobin. Zane ɗaya ya isa: shekaru a ƙasa, layi biyu a sama, ɗaya yana faɗuwa har ya kusa taɓa ƙasa, ɗaya yana hawa da sauka amma bai faɗi ba. Minti biyu na bayyana mece ce tassa da inda aka auna, minti shida a kan zanen, minti uku kan iyakokin binciken, sauran a bar wa abin da sakamakon ke nufi ga mai yanke shawara. Tarihin fari na 1984 ba ya buƙatar ko minti ɗaya a gaban mutanen Adar, sun fi mai jawabin saninsa.

Akwai masu cewa wannan ai tsince ne, an ɗauki shekarar da ta fi kowace nuna bambanci an yi tutiya da ita. Ƙorafin yana da nauyi, domin haka ake yaudarar mutane da alƙaluma. Amsarsa tana cikin zanen da kansa. Mai jawabi yana nuna dukkan shekarun a kan allo, har da 1992 inda ratar ta fi ƙanƙanta, kilo 297 da 125, sa'annan ya ɗora yatsa a kan 1996 ya faɗi dalilin da ya sa ya tsaya a nan. Wanda ya jaddada abu ɗaya alhali sauran suna bayyane bai ɓoye komai ba. Mai tsince shi ne wanda ya goge 1992 daga zanen. Haka kuma akwai abin da ba a yarda a yar ba ko da lokaci ya ƙure, wato duk wani sharaɗi da zai iya sauya ma'anar sakamakon. A nan sharaɗin shi ne kilo 553 ba aikin rami kaɗai ba ne, rami ne da taki tare. Wanda ya ce "tassa ta bayar da kaza" ya yi shiru kan taki ya tura magajin gari ya ɗauki ma'aikata su haƙa dubban ramuka a ƙauyen da takin dabbobinsa ba zai iya cika su ba. Jimla ɗaya ce, ba ta cin daƙiƙa goma, amma rashinta yana mayar da gaskiya rabin gaskiya.

Wasu kuma, musamman manyan malamai, suna ganin barin dogon bayanin hanyoyin bincike raini ne ga ilimi, wai ta ina za a san aikin ya inganta. Gaskiya ne dole a faɗi inda aka auna, da shekarun, da abin da aka kwatanta da me. Abin da ya wuce haka wurinsa lokacin tambayoyi, kuma mai hankali yakan tanadi shafuka biyu ko uku a bayan na ƙarshe don wannan. Ga misalin tambayar da za ta iya zuwa daga mai ido: gonar da ba a taɓa ba ba ta da adadi a 1991, ashe matsakaicin 513 na shekara shida ne, na 125 kuwa na shekara biyar, yaya za a kwatanta su? Ɗalibin da ya san takardarsa zai buɗe shafin da ya ajiye ya nuna cewa in aka cire 1991 daga ɓangaren tassa, matsakaicin ya koma kusan 512. Wannan amsa ta rabin minti ta fi tabbatar wa zaure ingancin aikin fiye da minti biyar na karanto hanyoyi tun ba a tambaya ba.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne cewa babu sakamako ɗaya da ya fi muhimmanci ga kowa, kuma wannan gaskiya ne. Rahoto ɗaya yana iya haifar da jawabi uku. Gaban masu shirin raba takin zamani, abin ɗauka shi ne ƙarin da takin ya kawo a kan tassa da takin gargajiya: kilo 517 a 1994 mai ruwa, kilo 100 kacal a 1996. Wannan yana gaya musu cewa manomin da ya ci bashi ya sayi taki ya ɗora kuɗinsa a kan yadda damina za ta kasance. Gaban malaman shari'a da tattalin arziki, waɗanda Jami'ar Tawa ke da tsangayarsu, kilo ba shi ne labari ba. Labarin shi ne fakon da a da ba wanda ke waiwaya ya zama abin saye da sayarwa da zarar an ga ana iya farfaɗo da shi, farashinsa ya tashi, kuma tambayar wa ya saya wa ya sayar ta shafi gado da hurumin kiwo da aikin kwamitocin ƙasa da ake kira COFO. Mai jawabi a wannan zaure zai wuce jadawalin amfanin gona cikin minti ɗaya, ya ba cinikin fako sauran lokacinsa. Shi ya sa kafin a buɗe kwamfuta a fara yanka maƙala, ya kamata a nemi tsarin taron daga masu shirya shi, a ga su wa aka gayyata, su wa za su yi magana kafin kai a zama ɗaya, da ko za a yi tafinta. In wanda ya riga ka ya gama bayyana mece ce tassa, minti biyun da ka ware mata sun dawo hannunka, sai ka ƙara su a kan zanen.