ATR: awon motsin kasuwa da wurin da ya kamata ka kafa iyakar asara

A Sabonjida, kamar sauran unguwannin Tamale, akwai samarin da suka shiga cinikin zinare da kuɗin waje ta wayar hannu, kuma kukansu kusan ɗaya ne. Mutum ya sayi zinare, ya kafa `Stop Loss` dab da farashin da ya shiga, kasuwa ta ɗan sauko ta fitar da shi da asara, sannan ta juya ta tafi inda ya yi hasashe tun farko. Sai ka ji yana cewa dillali ne ke farautarsa. Sau da yawa ba farauta ba ce. Ya kafa iyakarsa ne a cikin filin da farashi ke kai da komo kowace rana, ko da babu wani labari. Akwai awon da ke nuna faɗin wannan fili, a manhajojin ciniki ana rubuta shi ATR.

Wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, shi ya fito da shi a littafinsa na shekarar 1978. Kasuwannin kayan gona da ƙarafa ya yi wa tanadinsa, inda farashi kan kwana a wuri ɗaya ya tashi a wani. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Aboabo zai gane damuwar Wilder nan take. A ce jiya an tashi kasuwa buhun masara yana sidi 400. Da safe aka ji motocin Kumasi sun iso saye, sai ciniki ya buɗe a sama, yini guda farashi yana yawo tsakanin 425 da 440. Wanda ya dubi yau kaɗai zai ce masara ta motsa da sidi 15. Amma wanda ya kwana da buhuna a rumbu ya san ta motsa da sidi 40, domin daga 400 ta taso. Wannan 40 ɗin ita ce tazara ta gaskiya, wadda ta haɗa da tsallen da aka yi cikin dare.

A kan allo, kowane kyandir yana ba ka mafi tsadar farashi, da mafi arha, da na rufewa. Ana fitar da lambobi uku, a ɗauki babbar cikinsu, ba a kula da alamar ragi:

```
TR  = max(H - L, |H - C1|, |L - C1|)
ATR = (ATR1 × 13 + TR) ÷ 14
```

H shi ne saman kyandir na yau, L ƙasansa, C1 rufewar jiya, ATR1 kuma awon jiya. Layi na biyu shi ne yadda Wilder ke ɗaukar matsakaici a kan kyandir 14: awon jiya yana da kaso goma sha uku, tazarar yau tana da kaso ɗaya. Saboda haka rana ɗaya mai hargitsi ba ta iya birkita awon gaba ɗaya.

Mu gwada da zinare, wanda a manhaja ake rubuta shi XAUUSD. Lambobin na misali ne, don lissafi ya yi sauƙi. Jiya ya rufe a dala 2,400. Yau ya hau har 2,432, bai sauko ƙasa da 2,410 ba. Daga sama zuwa ƙasa dala 22 ke nan, daga sama zuwa rufewar jiya 32, daga ƙasa zuwa rufewar jiya 10. Babbar ita ce 32. Idan awon jiya 25 ne, sai a ninka shi sau 13 a samu 325, a ƙara 32 ya zama 357, a raba gida 14. Amsa ita ce 25.5. Abin da lambar ke faɗa shi ne, a 'yan makonnin nan zinare yana motsa kimanin dala ashirin da biyar da rabi a rana. Ba ta ce zai hau ba, ba ta ce zai sauka ba. Wanda ya ga ATR yana tashi ya ruga ya saya bai fahimce shi ba, domin kasuwar da ke rugujewa ma awonta tashi yake yi.

Ba sai ka yi wannan lissafi da hannu kullum ba. A MetaTrader yana cikin `Indicators`, ƙarƙashin `Oscillators`, da sunan `Average True Range`, kuma 14 ne adadin da yake zuwa da shi. Kada ka firgita idan lambar ta ɗan bambanta da ta TradingView. MetaTrader yana ɗaukar matsakaici na kai tsaye, TradingView kuwa yana bin hanyar Wilder, dillalai kuma ba lokaci ɗaya suke rufe kyandir na yini ba. Ka tsaya a kan ɗaya ka saba da shi.

To, ina za a kafa iyakar? Ana ninka ATR da wani adadi, galibi daga ɗaya da rabi zuwa uku, a cire daga farashin shiga idan saye aka yi, a ƙara idan sayarwa ce. Ɗaliban da Richard Dennis ya horar a Chicago daga 1983, waɗanda aka sani da laƙabin kunkuru, ninki biyu suka yi aiki da shi, a kan awon kwana 20. Mu ma mu ɗauki biyu. Ka sayi zinare a 2,425, ninki biyu na 25.5 ya ba da 51, iyakarka tana 2,374. Yanzu ka dubi wanda ya kafa tasa dala biyar ƙasa da wurin shiga, alhali a kyandir na yini yake karatu. Ya tsaya a kashi ɗaya cikin biyar na motsin rana guda. Ko hasashensa daidai ne, da wuya ya kai la'asar ba a fitar da shi ba.

Bayan lissafi sai ka sake duban allo. Idan 2,374 ta faɗo daidai kan wani kwari da farashi ya taɓa juyawa, ko ɗan samansa, ka matsar da ita ƙasa da kwarin, tunda a irin wurin ne iyakokin mutane ke taruwa. Idan kuma sayarwa ka yi, ka tuna cewa da farashin `Ask` ake rufe ka, allon kuwa `Bid` yake zanawa, don haka ka ƙara ratar da ke tsakaninsu.

Yanzu ga wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, domin a nan ne jari ke mutuwa. Nisan iyaka kasuwa ce ke faɗarsa, kai ba ka da ta cewa a ciki. Abin da ke hannunka shi ne girman cinikin. A wurin yawancin dillalai lot ɗaya na zinare oza 100 ne, mafi ƙanƙantar ciniki kuma 0.01, wato oza ɗaya. A wannan girma, duk dalar da zinare ya motsa, dala ɗaya ce a aljihunka. Ƙa'idar da masu kiyaye jari ke bi ita ce kada ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. A ce saurayi ya tara kuɗin ɗinki ko na tuƙa yalo-yalo, ya tura ta MoMo, asusunsa ya nuna dala 200. Kashi ɗaya cikin ɗari dala 2 ce. Amma cinikin da muka lissafa, a mafi ƙanƙantar girma, dala 51 zai ci idan ya ɓaci, fiye da rubu'in jarin ke nan. Huɗu a jere sun isa su share asusun. Kafin wannan ciniki ya zama kashi ɗaya cikin ɗari, sai mutum yana da dala 5,100.

Abin da yawancin masu koyo ke yi a nan shi ne su jawo iyakar kusa har sai asarar ta yi daidai da aljihunsu. Wannan yaudarar kai ce. Kasuwa ba ta san nawa ke cikin asusunka ba, za ta yi motsinta na kullum ta kwashe ka. Gaskiyar da ATR ya faɗa maka ita ce wannan ciniki ya fi ƙarfinka, kuma barinsa shi ne daidai.

Akwai mafita, amma kowace da iyakarta. Za ka iya sauka zuwa kyandir na awa ɗaya, `H1`, inda awon ya fi ƙanƙanta. Idan ya nuna dala 5, iyaka ta zama 10, wanda har yanzu kashi biyar cikin ɗari ne na dala 200. Za ka iya komawa EURUSD, inda 0.01 ke nufin yuro 1,000 kuma kowane fif santi goma ne na dala. Idan awon awa ɗaya ya nuna 0.0012, fif 12 ke nan, ninki biyu 24, asarar kuma dala 2.40, wanda ya zo kusa da ƙa'ida. Sharaɗi ɗaya ne ba a karya shi: awon da za ka yi aiki da shi ya zama na kyandir ɗin da ka yanke shawara a kansa. Wanda ya karanta kasuwa a `D1` ya ari awon `M5` don iyaka ta zo kusa, ya koma kan kuskuren farko ta bayan gida.

ATR yana kallon baya ne, kuma wannan shi ne babban rauninsa. Mu a Ghana agogonmu ɗaya ne da na GMT, don haka abin yana da sauƙin gani. Cikin dare da asuba kasuwa kan lafa, awon awa ɗaya ya ragu. Da hantsi Landan ta buɗe, da rana New York ta shigo, motsi ya ƙaru. Wanda ya ɗauki awon asuba ya kafa iyakar da zai riƙe har azahar ya auna kasuwar da ba ita zai tarar ba. Haka rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ke fita Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 12:30 ko 1:30 na rana agogon Tamale gwargwadon lokacin shekara. Kyandir ɗaya a wannan sa'a na iya ninka awon sau da yawa. Alamar da za ka gane awon ya tsufa ita ce ka ga kyandir biyu ko uku na ƙarshe sun fi lambar ATR tsawo nesa ba kusa ba. A irin wannan hali ka dakata har lambar ta kamo kasuwa.

Sannan `Stop Loss` umarni ne na a rufe, ba alkawarin farashi ba ne. Idan kasuwa ta rufe daren Juma'a ta buɗe daren Lahadi can ƙasa da iyakarka, a inda ta buɗe za a rufe ka. Ranar 15 ga Janairu, 2015, babban bankin Suwizalan ya janye ƙangin 1.20 da ya yi wa kuɗinsa a gaban yuro, farashi ya tsallake iyakokin mutane cikin mintoci, wasu suka wayi gari da bashi, kamfanin Alpari na Birtaniya ma ya durƙushe. Kafin ranar awon wannan kasuwa ya kwanta ƙasa sosai, domin banki ne ya danne farashin. Ƙaramin ATR ba shaidar aminci ba ce.

Idan ciniki ya tafi yadda kake so, za ka iya jan iyakar tana bin farashi a baya da nisan nan na ninki biyu ko uku, ana aunawa daga mafi tsadar farashin da aka kai. Gaba kawai take tafiya. Ranar da ka ga hannunka yana mayar da ita baya don ba ka son a rufe ka, ka bar lissafi ka koma fata.

Batun halacci ko haramcin wannan ciniki, musamman bashin da dillali ke bayarwa da kuɗin kwana da yake cirewa, magana ce ta malamai, kuma ya kamata ka tambaye su kafin ka sa ko fesuwa ɗaya. Ta fuskar lissafi kuwa, ɗan'uwa, ka buɗe asusun gwaji, ka rubuta ATR da nisan iyaka da asarar dala a takarda kafin kowane ciniki. Idan asarar ta wuce kashi biyu cikin ɗari na jarinka a kan 0.01, kada ka shiga.