Kafin ka bar gidanka a hannun dillali, ku yanke la'ada

Tun da kamfanin Cominak ya daina haƙar yuraniyom a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata da ƴan kwangila suka rasa abin da ya zaunar da su a Arlit. Wasu sun nufi wajen zinariya a Cibarkaten, wasu sun koma Tawa, Maraɗi ko Damagaram inda suka fito. Mai tafiya yana iya ɗaure katifa da firji a bisa mota, amma gidan da ya gina a cikin gari da filin da ya saya suna nan inda suke. Abin da aka saba yi shi ne a damƙa makulli ga dillali, a ce masa "in ka samu mai saye ka kira ni". Idan aka taɓo zancen la'ada sai dillali ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba." Daga wannan kalma mai daɗin ji rigingimu da yawa suke farawa, don ba ta da adadi, kuma ranar da kuɗi suka zo kowa zai fassara ta yadda ta yi masa.

Ba laifin dillanci nake gani ba. Mutumin da ke zaune a Tawa, tafiyar fiye da kilomita 600 a kan hanyar da kowa ya san halinta, ba zai iya zuwa ya buɗe ƙofa duk lokacin da wani ya ce yana son ganin ɗaki ba. Dillali ne ke yawo cikin rana, shi ya san wanda ya samo zinariya yana neman inda zai zuba kuɗi, kuma ya cancanci ladan wahalarsa. Matsalar ita ce hanyoyin biyansa iri biyu ne, mutane kuma suna barin su a cakuɗe. Ko dai a ba shi kaso na kuɗin da aka sayar, misali 5 cikin ɗari, ko kuma mai kaya ya faɗi abin da yake so a hannunsa, duk abin da dillali ya ɗora ya zama nasa. Kowace da amfaninta, amma idan ba a zaɓi ɗaya ba, dillali marar tsoron Allah zai ci duka biyun, ya ƙara da ta uku.

Mu ɗauki misali. Wani tsohon ma'aikaci ya koma garinsu, ya ce wa dillali ta waya yana son miliyan 6 na sefa a gidansa. Dillali ya samu mai saye a kan miliyan 7 da rabi. Ya kira mai gida ya ce, "Alhamdu lillahi, an sallama a miliyan 6 ɗin da ka ce." Miliyan 1 da rabi na sama ya shige aljihunsa ba tare da kowa ya sani ba. Sannan ya cire la'adarsa ta 5 cikin ɗari daga miliyan 6, wato 300,000, ya tura wa mai gida 5,700,000. Ya juya wajen mai saye ya ce a ba shi nasa, ya karɓi wani 5 cikin ɗari na miliyan 7 da rabi, wato 375,000. Idan ka tara, dillali ya tashi da 2,175,000, kashi 29 cikin ɗari na kuɗin gidan. Da a ce tun farko an ƙulla magana a kan 5 cikin ɗari na ainihin abin da mai saye ya biya, mai gida zai karɓi 7,125,000. Abin da ya rasa, 1,425,000, kuɗin karatun ƴaƴa ne na shekaru.

Ana gane irin wannan ciniki tun kafin ya kammala. Dillali zai hana mai gida da mai saye su yi magana, ya ce ɗayan ba ya son a dame shi. Zai nace kuɗin su bi ta hannunsa. Wani lokaci har ya nemi a sa hannu a takardar ciniki a bar gurbin farashi ba a cike ba, wai sai an je gaban hukuma. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi lambar mai saye ya tambaye shi da bakinsa nawa ya biya. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, don an riga an tabbatar masa da haƙƙinsa.

To, ina doka ta tsaya? Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka sabunta a Lome a watan Disamba 2010 ta yi magana a kan dillali. Ba ta yanke wani kaso da kowa zai bi ba. Biyar ko goma cikin ɗari da ake ji a bakin mutane al'ada ce da ciniki, ana iya ragewa ana iya ƙarawa. Abin da dokar ta ce shi ne, idan ɓangarorin ba su yanke ba, sai a koma ga abin da aka saba a irin wannan harka, kuma a nan ne kowa zai kawo shaidun da za su ce tasa al'adar ce daidai. Ta kuma ce idan mai sayarwa kaɗai ne ya sa dillali aiki, ba a ɗora wa mai saye la'adar, daga kuɗin mai sayarwa ake cirewa. Dillalin da ya karɓi alkawarin lada daga ɗaya ɓangaren a ɓoye kuwa, yana iya rasa la'adarsa gaba ɗaya. Dokar ta ƴan kasuwa ce, cinikin gida tsakanin mutum da mutum yana iya bin wata hanya a gaban alƙali, amma ma'aunin da ta kafa ya isa a yi aiki da shi a ko'ina.

Malamanmu ma sun daɗe da tattauna batun. A ƙarshen babin ciniki na Muwaɗɗa, Imam Malik bai ga laifi ba idan mai kaya ya faɗi farashi kuma ya faɗi ladan da zai biya in an sayar a haka. Abin da ya ƙi shi ne a bar ladan yana lilo, a ce kaza a kan kowane dinari alhali ba a san nawa za a sayar ba, don mai aikin bai san abin da zai samu ba. Wasu malamai sun sauƙaƙa a kan kaso, wasu kuma sun halatta a ce wa dillali abin da ya haura kaza nasa ne, da sharaɗin mai kayan ne ya faɗa da bakinsa. Ba wanda ya halatta ɗori a ɓoye. Mai son fita daga saɓani sai ya haɗa biyun: ya faɗi mafi ƙarancin farashin da zai sallama, ya faɗi kason, sannan a lissafa shi a kuɗi kowa ya ji.

A rubuce, maganar ba ta wuce layi kaɗan ba. Ga yadda za ta iya kasancewa: "Ni wane na wakilta wane ya nema mini mai sayen gidana da ke unguwa kaza a Arlit. Ba za a sallama ƙasa da 6,000,000 na sefa ba sai da izinina. La'adarsa 5 cikin ɗari ce ta duk abin da mai saye ya biya, ni zan biya shi, ba zai karɓi komai daga mai saye ba. A miliyan 6, la'adar 300,000 ce. Wannan wakilci na wata uku ne." A sa kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Da boko, da ajami, da faransanci, duk ɗaya ne muddin masu sa hannun sun fahimci abin da ke ciki. Wanda ke nesa ya sa a ɗauki hoton takardar a turo masa, ya maimaita sharuɗɗan da muryarsa a saƙon waya, dillali ya amsa da tasa.

A kula da adadin, a rubuta shi da lambobi. Mu a kasuwa da dala muke ƙirge, takarda kuma da faran take magana. Idan aka ce la'adar babur "dubu biyar" ce, mai lissafin takarda jaka biyar ya ji, mai lissafin dala kuma jaka ashirin da biyar yake nufi. A gari irin Arlit, inda Buzu da Bahaushe da Bazabarme da baƙo daga wata ƙasa ke ciniki wuri ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya kai mutane ofishin ƴan sanda.

Sai lokacin biya, wanda aka fi mantawa da shi. Gida a Arlit ba kullum ake biyansa a dunƙule ba, balle tun da aka shiga ja-in-ja tsakanin gwamnati da kamfanin Orano a kan kamfanin Somair, kowa yana riƙe da kuɗinsa da kyau. A ce mai saye ya ba da miliyan 4 da rabi yanzu, sauran miliyan 3 bayan wata shida. Idan dillali ya kwashe 375,000 ɗinsa daga kuɗin farko, ya gama da ku, ba zai sake taka ƙafa ya bi maka bashi ba. A ƙa'idar dillanci kuma yana iya cewa haƙƙinsa ya tabbata tun da aka ƙulla ciniki, don haka sai an rubuta akasin haka tun farko: 225,000 a biyan farko, 150,000 ranar da cikon ya shigo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka kuma a faɗi abin da zai faru idan ciniki ya warware bayan an ba da kafin alƙalami, ko la'adar za ta dawo ko a'a.

Sauran ƙananan abubuwa a gama da su a zama ɗaya. Kuɗin canja suna a takardar fili da kuɗin tura kuɗi zuwa garinku, a faɗi wanda zai biya, kada su fito daga baya a matsayin "kuɗin zirga-zirga". Idan dillalinka ya jawo wasu dillalai uku kafin a kai ga mai saye, abin da yakan faru ke nan, su raba la'ada ɗayar a tsakaninsu, kai mutum ɗaya ka sani. Mota ko injin niƙa dutse da aka bari a hannun wani ya sayar, a rubuta halin da suke ciki ranar da aka miƙa su, da wanda zai ɗauki asara in an yi aiki da su sun lalace.

Kai kuma ɗan'uwa dillali, takardar nan kai ma ta kare ka. Sau nawa ka kai mai saye har cikin gida, ya zagaya ta baya ya gama da mai gida, aka sallame ka da kuɗin goro? Ka nemi a ƙara layi ɗaya: duk wanda ka gabatar, in ya saya cikin wa'adin ko jim kaɗan bayansa, la'adarka tana nan. Ka riƙa rubuta sunan duk wanda ka nuna wa gidan da ranar, kana tura wa mai gida nan take. Mai gida kuma, kada ka miƙa makulli ko asalin takardar fili sai wannan yarjejeniya tana hannunka, kuma ranar biya ka ji adadin daga bakin mai saye.