Kiran Gida ta Intanet: Data Nawa Minti Ɗaya Yake Ci?

"Inna, kina jina?" Da wannan tambaya mafi yawan kiran gida yake farawa, ko mai kiran yana Legas, ko Kumasi, ko Jidda. A da, ɗan ci-rani sai ya sayi kati mai tsoka kafin ya gaisa da iyaye, yana magana yana duba agogo. Tun da WhatsApp ya kawo kiran murya a 2015, ya ƙara da na bidiyo a 2016, hira ta yi tsawo. Sai dai ƙorafi ya canza salo: an saka wa Inna data ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo sau biyu ta ƙare. Ina ta tafi?

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, kiran intanet ba ya lissafi da minti kamar kiran kati. Waya tana ɗaukar muryarka, ta matse ta, ta yanyanka ta ƙanana-ƙanana, ta riƙa aikawa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Nauyin waɗannan gutsattsarin ne ake cirewa daga datarka. Kuma ana cirewa ta fuska biyu: abin da ka aika da abin da ka karɓa. Ma'ana, wanda aka kira ma yana biya, kusan daidai da wanda ya kira. A kiran kati, mai amsawa a gida ba ya asarar ko kwabo. A nan kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

To, nawa ne? Kiran murya a manhajoji irin su WhatsApp, IMO, Telegram da Messenger yakan ci wajen rabin megabayit a minti ɗaya, wato abin da waya ke rubutawa 0.5 MB. Wani lokaci ya yi ƙasa da haka, wani lokaci ya doshi megabayit ɗaya. Lissafin ba boyayye ba ne. A ce manhaja tana tura murya da saurin kilobit 32 a daƙiƙa. A ninka da 60, a raba da 8, saboda bit takwas ne bayit ɗaya, za a sami kilobayit 240 a minti. Wannan na fita ne kawai. A haɗa da na shigowa, ya zama 480, kusan rabin megabayit ke nan.

Bidiyo kuwa wani labari ne daban. Hoto mai motsi ya fi murya nauyi nesa ba kusa ba, don haka minti ɗaya yakan ci wajen megabayit 5, yana iya wuce haka. A taƙaice, minti ɗaya na bidiyo yana cin abin da minti goma na murya zai ci. Wani abin mamaki shi ne, idan sabis ya yi ƙarfi bidiyo ya fi cin data, domin manhajar tana ƙara wa hoton kyau da kanta. Idan sabis ya yi rauni sai ta rage, fuska ta yi dishi-dishi, data kuma ta yi sauƙi. Haka nan kiran mutum huɗu ko biyar a lokaci guda: wayarka tana karɓar hoton kowannensu, nauyin kuma yana ƙaruwa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci yana sana'a a Kumasi, yana kiran mahaifiyarsa a Katsina kullum bayan sallar isha'i, na minti 20. Idan murya ce kawai, kowane dare megabayit 10 ne, a wata 300. Gigabayit ɗaya, wato megabayit dubu ko sama kaɗan, zai ishi tsohuwa wata guda har da saura mai yawa. Amma da jikoki suka ce sai sun ga Kaka, aka koma bidiyo, kowane dare ya zama megabayit 100. Gigabayit ɗin nan kwana goma zai yi, wata kuma zai buƙaci uku. In mun ƙaddara cewa gigabayit ɗaya naira 1,000 ne, kiran murya ya tashi kwabo 50 a minti, na bidiyo naira 5. A wata, naira 300 ne da naira 3,000, kuma ɓangare ɗaya ke nan. Shi ma na Kumasi zai biya nasa da sidi.

Mafita a nan ba ta buƙatar hana jikoki ganin kakarsu. A buɗe kyamara minti uku, a gaisa, a nuna sabon jariri, sannan a rufe a ci gaba da hira da murya. Minti uku na bidiyo megabayit 15, minti 17 na murya wajen 9, jimla 24 maimakon 100. Da haka gigabayit ɗaya zai kai ƙarshen wata.

Waɗannan alƙaluma kimantawa ce, domin kowace manhaja da irin matsinta, kowace unguwa da irin sabis ɗinta. Gani ya kori ji, kuma awon ba shi da wuya. A WhatsApp, shiga Settings, sai Storage and data, sai Network usage. A can za ka ga Calls, da adadin abin da kira ya aika da wanda ya karɓa. Rubuta adadin, yi kiran minti goma, ka koma ka duba, ka cire na farko daga na biyu, ka raba da goma. Wannan shi ne cin wayarka na gaskiya. A shafin Storage and data ɗin akwai maɓallin Use less data for calls, wanda ke rage nauyin kira idan an kunna shi, ko da yake murya tana iya ɗan rage tsabta. A Najeriya ana duba ragowar data da *323# a kowane layi.

Idan an auna an ga kira bai ci da yawa ba, amma data na ƙarewa, to ɓarawon yana wani wuri. Sau da yawa bidiyoyin da ake turowa a zaurukan dangi ne suke sauka da kansu. Bidiyon biki guda mai megabayit 30 ya cinye awa ɗaya na kiran murya. A je Media auto-download a cire bidiyo. A kuma lura da yaran gida masu karɓar wayar Inna suna kallon TikTok da ita.

Akwai matsalar da yawan data ba ya magance ta. Idan murya tana yankewa, ko sai ka yi magana a daɗe kafin a amsa, ko allo ya nuna Reconnecting, laifin sabis ne. Kira ba ya buƙatar gudu sosai, amma yana buƙatar hanya marar tangarɗa, domin gutsuren muryar da ya makara jefar da shi ake yi. A duba saman waya: idan E aka gani maimakon 4G ko H+, a rufe kyamara, a fito tsakar gida, in ya ƙi a aika saƙon murya, wanda zai jira har sabis ya dawo. Wani lokaci kuma doka ce: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an daɗe da toshe kiran WhatsApp, shi ya sa mazauna Dubai suke amfani da Botim.

Don haka, kafin ka sake tura wa gida kuɗin data, ƙirga mintocin da kuke yi a wata. Na murya ka raba biyu, na bidiyo ka ninka da biyar, ka haɗa, ka ƙara kaɗan saboda saƙonni. Abin da ya fito shi ne megabayit ɗin da za ka saya, naka daban, na Inna daban.