Madara ba ta karɓe ni: ciwo biyu, ƙorafi ɗaya

"Madara ba ta karɓe ni." Magidanci zai faɗi haka don cikinsa na ƙugi bayan shayin safe, uwa ma za ta faɗi haka game da jaririnta da fuskarsa ta kumbura bayan an ba shi madarar gwangwani. Maganar ɗaya ce, amma ciwon biyu ne, kuma ba su da dangantaka. Na farko matsalar narkar da sukarin madara ce, na biyu kuwa alaji ne, wato garkuwar jiki ce ke yaƙi da furotin ɗin madarar. Na farko yana hana sukuni, na biyu yana iya kisa.

A cikin madarar shanu, da ta awaki, da ta raƙuma, har da nonon uwa, akwai wani sukari da ake kira laktos. Kofi ɗaya na madarar shanu, mai mililita 250, yana ɗauke da kimanin giram 12. Hanji ba ya iya tsotse wannan sukari yadda yake, sai an raba shi gida biyu, gulukos da galaktos. Mai wannan aiki wani sinadari ne, laktes, wanda bangon ƙaramin hanji ke samarwa. Jariri yana da shi a wadace, domin nono ne abincinsa. Bayan yaye sai jiki ya fara rage shi sannu a hankali, har ya zama kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba su da isasshe. Wannan raguwa ba cuta ba ce, ita ce ma asalin halittar ɗan Adam. Waɗanda laktes ɗinsu ke ɗorewa har tsufa galibi jikokin makiyaya ne. Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 ya nuna haka a Najeriya: mafi yawan Fulanin da aka gwada suna narkar da laktos, mafi yawan Yarbawa da Ibo kuwa ba sa iyawa.

Idan laktes ya yi ƙaranci, sukarin yana wucewa babban hanji ba a narke ba. A can yana janyo ruwa, shi ne zawon. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kuma suna far masa suna fitar da iska, shi ne kumburin ciki da ƙugi da yawan tusa. Yawanci abin yana farawa tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara arba'in da ke cewa mai shayi ya zuba masa gwangwani guda na madarar ruwa, ya haɗa mai kauri. Irin wannan madara an ƙafe kusan rabin ruwanta, don haka sukarinta ya ninka: ƙaramin gwangwani yana kai giram 16 na laktos. Kafin hantsi cikinsa ya ɗauka. Da azahar mutumin nan zai sha fura da kindirmo, ya kwana lafiya, sai ya ce ai madarar kanti ce ke da guba. Ba guba ba ce. Lokacin da aka kwantar da madara ta zama kindirmo, ƙwayoyin da ke tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na laktos ɗin, kuma suna shiga ciki da nasu laktes su taya hanji aiki. Ga gero kuma, yana sa abincin ya sauka hanji a hankali. Saboda haka maganin mutumin nan ba barin madara ba ne, rage ta ne. Yawancin masu wannan matsala suna jure kimanin giram 12 a zama ɗaya, musamman tare da abinci. Ya raba gwangwanin biyu, ya sha da burodi da ƙwai, da wuya ya ji komai. Man shanu kusan babu laktos a cikinsa, cuku ma kaɗan ne, don yawancin sukarin yana bin ruwan da aka tsiyaye.

Mai son tabbatarwa ya bar madara tsawon mako biyu, ya ga ko cikin ya lafa, sannan ya sha kofi ɗaya ya saurara. A manyan asibitoci akwai gwajin numfashi, inda ake shayar da mutum laktos a auna iskar haidirojin da yake fitarwa. Akwai kuma nau'in wucin gadi da iyaye ya kamata su sani: gudawa mai tsanani ko tamowa kan gurje bangon hanjin yaro, laktes ya ragu na wasu makonni, ya dawo idan hanjin ya warke. Wannan ba dalilin cire yaro daga nono ba ne. A ci gaba da shayarwa.

Alaji kuwa wani babi ne daban. Yawanci jarirai yake kamawa, kimanin biyu ko uku cikin ɗari, kuma da yawa suna rabuwa da shi kafin su girma. Alamunsa ba sa tsayawa a ciki: borin jini a fata, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari da shaƙewar numfashi, cikin mintoci bayan an sha. Wani nau'in yana jinkiri, sai a ga jini a kashin jariri ko ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka ƙi ji. A nan babu maganar rabin gwangwani, cokali ɗaya ya isa. Tafasawa ba ta kawar da haɗarin, kindirmo da cuku duk haramun ne ga yaron, haka madarar akuya da ta tunkiya, don furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya. Abin da ya fi damuna shi ne madarar da aka rubuta wa cewa ba ta da laktos. Sukarin kawai aka raba, furotin yana nan daram, kuma uwa na iya saya da kyakkyawar niyya ta jefa ɗanta cikin haɗari. Idan numfashi ya fara sarƙewa ko yaro ya yi laushi, a garzaya asibiti nan take. Allurar adirenalin ce ke ceton rai. Kada a yi gwajin mako biyun nan a gida ga wanda ake zargin yana da alaji.

To me za a sha a madadin? Madarar waken suya ce ta fi kusa da ta shanu wajen furotin, kuma ga awara a kowane lungu, ko da yake wasu yara masu alajin madara ba sa jure waken suya shi ma. Kunun aya yana da daɗi, amma furotin ɗinsa kaɗan ne, farin launinsa bai mai da shi madara ba. Babban giɓin shi ne kalsiyam mai gina ƙashi: kofin madara yana ba da kusan miligiram 300, abin da na gida ba sa bayarwa. Sai a cike da zogale, miyar kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuwa ba a maye masa nono da kunun aya ko madarar waken suya ta gida. Nonon uwa ne abincinsa, wani lokaci likita ya ce uwar ta daina shan madara. Idan shayarwa ba ta yiwu ba, akwai madarar jarirai ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, wadda likita ke rubutawa.