Kafin ku nemi tallafi: yadda ake rubuta matsala da alƙawarin da za a iya gwadawa

Duk ƙungiyar da ta taɓa neman tallafi, ko wajen magajin gari, ko wajen wata ƙungiya mai zaman kanta, ko wajen ɗan gari da ke ci-rani, ta san tambayoyi biyu da ake fara yi mata: mece ce matsalarku, kuma in an ba ku kuɗin me zai canza? Amsar ta farko ita ce bayanin matsala. Ta biyun ita ce alƙawarin amfani, wato abin da kuka ce mutum zai samu in ya shiga cikin aikinku. Yau za mu bi yadda ake rubuta su biyun, da misalin ajiyar wake.

Ƙa'idar guda ce: jimlar da ba yadda za a yi a gane ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce, ba ta da amfani a takarda.

Bayanin matsala

Ga irin abin da aka saba rubutawa: "Matan garinmu suna fama da talauci da rashin kayan aiki, muna neman taimako don inganta rayuwarsu." Ba ƙarya a ciki. Amma in kuka cire sunan garin kuka sa na wani gari daga Tawa har Damagaram, maganar ba za ta canza ba. Mai karatu bai san ko mata nawa ba ne, bai san wane kaya ba ne, kuma in ya aiko da kuɗi, ba ranar da zai iya cewa aikin ya yi ko bai yi ba.

Bayanin matsala mai kyau yana amsa tambayoyi huɗu: wa abin yake samu, me yake faruwa, yaushe, kuma nawa ake asara. Bari mu ɗauki ƙungiyar mata 20 masu noman wake. Alƙaluman da za mu kawo na misali ne kawai. Kowace ƙungiya ta sa nata, bayan ta tambayi mambobinta da ƴan kasuwar garinta.

"Mata 20 na ƙungiyarmu, kowace tana samun kamar buhu ɗaya na wake mai tiya 40 a kaka. Bara, 15 daga cikinsu sun saida waken kafin ya yi wata ɗaya a gida, a kan dala 120 tiya, don gudun ƙwaro ya huda shi. Da bazara tiya ta kai dala 180 a kasuwarmu. Kowace ta rasa kamar jikka 12 a buhu."

Ku duba lissafin. Tiya 40 a dala 120 jikka 24 ke nan. A dala 180 kuma jikka 36. Ɗan uwan da ke Kumasi zai iya buga waya ya tambayi ƙanwarsa ko haka farashin ya kasance bara. Wannan shi ake nufi da maganar da za a iya gwadawa.

Ku lura da wani abu: a cikin bayanin ba mu ambaci buhun ajiya ko mangaza ba. Da yawa sukan rubuta "matsalarmu ita ce ba mu da mangaza". Rashin mangaza ba shi ne ciwon ba, maganin da kuke so ne kuka juya shi ya zama ciwo. In kuka fara da magani, kun rufe ƙofar gano wani mai sauƙi ko mai arha.

A tabbatar da dalilin tukuna

Wurin da bayanin nan ya fi saurin karyewa shi ne "don gudun ƙwaro". Shin da gaske ƙwaro ne ya sa matan suka saida da wuri? Kowa ya san kaka lokacin biyan bashi ne, lokacin kuɗin lakkol, da buki, da magani. Matar da ta saida wakenta don mai bashi yana bakin ƙofa, ko an ba ta buhun da ya fi kowane kyau, za ta sake saidawa a kaka.

Saboda haka kafin a rubuta komai, mutum biyu su zaga gidajen matan 20, su tambayi kowace ita kaɗai, ba a cikin taro ba, don a taro kowa bin bakin shugaba yake yi. Kuma a tambayi abin da ya riga ya faru: "Bara a wane wata kika saida wakenki? Tiya nawa? Me kika yi da kuɗin?" Kada a ce "in aka kawo buhun ajiya za ki so?" Ba wadda za ta ce a'a ga abin kyauta, don haka amsar ba ta nuna komai.

Tun kafin a fita, a yanke iyaka. Misali a ce: in aƙalla 12 cikin 20 suka ce tsoron ƙwaro ne, mun ci gaba; in ba su kai ba, mu sake bayanin. In ya fito cewa buƙatar kuɗi ce ta fi yawa, to matsalar ta bashi ce, kuma hanyarta daban: ko rance daga asusun ƙungiya irin na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991, ko tsarin warantaji, inda ake kulle amfanin gona a mangaza a karɓi rance a kansa, a biya bayan an saida da bazara. Gara a gano haka kafin a kashe ko dala.

Alƙawarin amfani

A ce bincike ya nuna ƙwaro ne. Maganin da aka sani shi ne buhun nan mai ruɓi uku da ake rubuta PICS a jikinsa, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN a Maraɗi kuma suka gwada shi a nan ƙasar. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowane ruɓi daban, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su cinye ƴar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a zuba maganin ƙwari ko kaɗan.

Raunannen alƙawari shi ne: "Za mu taimaki mata su ƙara samun kuɗin shiga." Mai ƙarfi kuwa yana faɗin wa za a yi wa, me zai samu, cikin wane lokaci, nawa zai biya, da abin da ya bambanta shi da yadda ake yi yanzu:

"Duk mambar da ta kawo busasshen wake a kaka, za mu ajiye mata shi wata 6 cikin buhu mai ruɓi uku, ba tare da maganin ƙwari ba. Ranar buɗewa, cikin ƙwayar wake 100 masu huji ba za su wuce 5 ba. Za ta biya jikka 2 a buhu: jikka ɗaya da rabi kuɗin buhu, dala 100 kuɗin ɗaki."

Ku lura ba mu yi alƙawarin riba ba. Farashin wake ba ya hannun ƙungiya. Yana bin yadda damina ta yi, da ko ƴan kasuwar Najeriya sun shigo saye, da darajar naira, da ko iyaka a buɗe take. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi kamar yadda aka sa rai. Abin da ke hannunku shi ne lafiyar waken, shi za ku ɗaure kanku da shi. Riba kuwa a rubuta ta da sharaɗi: "in farashi ya yi kamar na bara, za a samu jikka 12 ƙari, a cire jikka 2, saura jikka 10." A ƙara da inda asara take farawa: jikka 2 a tiya 40 dala 10 ke nan a kowace tiya, don haka in tiya ba ta wuce dala 130 ba, ba a ci komai ba.

Gwaji kafin babbar nema

Ba sai an nemi kuɗin buhu 100 ba. A fara da buhu 5 masu ruɓi uku, da buhu 1 na gama-gari a gefe, duk daga wake iri ɗaya, a ɗaki ɗaya. Ranar zubawa a ɗibi ƙwaya 100 daga kowane buhu, a ƙirga masu huji a gaban shaidu, a rubuta da kwanan wata. Bayan wata 6 a buɗe, a ɗiba daga sama, tsakiya da ƙasa, a gauraya, a sake ƙirga 100.

Abu uku ne za su iya fitowa. In masu ruɓi uku sun tsaya ƙasa da 5, na gama-garin kuma ya lalace, alƙawarinku ya tabbata, kuna da hujjar nunawa. In dukansu lafiya lau har da na gama-garin, to ƙwaro bai kai yadda kuka zata ba a wannan ɗakin, sai a sake duba bayanin matsala. In kuma masu ruɓi ukun ma sun yi huji, a bincika aikin kafin a zargi buhun. A hura iska cikin ledar a matse a ji ko tana fita, don tsinke ko tsakuwa kan huda ta, ɓera ma haka. A tambaya ko wani ya riƙa kwancewa yana ɗiba, don kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. In wake ya yi warin ruma ko ya dunƙule, da ɗanyensa aka zuba. Shi ya sa kalmar "busasshe" take cikin alƙawarin, kuma shi ya sa ake ɗora buhunan kan itace, nesa da bango.

Buhun gama-garin nan kada a ce ɓarna ce a bar shi. In babu shi, ba wanda zai iya cewa buhun ne ya yi aiki ko shekarar ce ba ƙwaro. In ana jin tsoron asarar buhu guda, a ajiye tiya 10 kawai.

Ku kuma ƴan uwa na waje, in takardar neman taimako ta iso muku ta waya, ku nemi abu uku a cikinta: adadin mutanen, ranar da za a duba sakamako, da alƙalamin da in ba a kai shi ba za a ce aikin bai yi ba. In babu su, ba sai kun ƙi ba. Ku maida takardar ku ce a cike su. Ƙungiyar da ta zauna da mambobinta za ta amsa cikin kwana biyu ko uku.

Duk ƙungiyar da ta rubuta nata bayanin tana so a duba mata, ta kawo shi gidan rediyo ko ta aiko da saƙon murya, mu karanta shi tare a fili. Allah Ya ba mu kaka mai albarka.