Harsashin Bene Mai Hawa Biyu: Ramuka ko Shimfiɗa?

Kafin mai gida ya zaɓi harsashi, ƙasar filinsa za a fara tambaya. Harsashin ramuka shi ne a haƙa rami ƙarƙashin kowane ginshiƙi, a ɗaure rodi, a zuba kankare. Na shimfiɗa kuwa faifan kankare ne guda, wanda ginin duka ke zaune a kai.

A ce ginshiƙi yana ɗauke da tan 40. Idan ƙasar jar marmara ce mai jure tan 20 a kowace murabba'in mita, murabba'i 2 ya wadatar, kuma ramuka sun fi araha nesa ba kusa ba. Amma a fadama ko tsohon kududdufin da aka cike, inda ƙasa ke jure tan 5 kacal, ginshiƙin nan zai buƙaci murabba'i 8. Ramukan sai su kusa haɗewa, wani ya nutse fiye da wani, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga.

Injiniyoyi kan ce idan ramukan za su cinye fiye da rabin filin ginin, a koma shimfiɗa, duk da cin rodi da siminti. Mai gida, biya kuɗin gwajin ƙasa kafin ka sayi buhu ko ɗaya.